Rolbak ko jinkiri: a kan wanne za ka gina gem ɗin faɗanka?

Tambaya: Ina haɗa gem ɗin faɗa na mutum biyu, irin na naushi da shuri, kuma na kusa kai wa inda zan sa a riƙa buga shi ta intanet. Wasu sun ce in yi netkod na jinkiri don ya fi sauƙi, wasu kuma sun ce idan ba rolbak ba, kada ma in ɓata lokacina. Ni kaɗai nake aikin. Wanne zan ɗauka, kuma me zai ci mini?

Ɗan'uwa, rolbak za ka yi, wato tsarin komawa baya a sake lissafo wasa, ka haɗa shi da ɗan jinkiri na firem ɗaya ko biyu wanda ba ya canzawa daga farkon karawa zuwa ƙarshenta. Sai dai ka sani tun yanzu cewa mafi yawan wahalar ba a ɓangaren intanet take ba. Tana cikin yadda ka rubuta gem ɗin kansa, kuma shi ya sa tun kana da sauran damar gyara gini ya kamata ka yanke shawara.

Mu fara da lissafin da komai ya rataya a kansa. Gem ɗin faɗa yana tafiya ne a kan firem 60 a kowace daƙiƙa, wato kowane firem yana ɗaukar milisakan 16.67. A ce `ping` tsakanin 'yan wasa biyu milisakan 100 ne. Wannan zuwa da dawowa ke nan, don haka saƙo yana isa ɗaya ɓangaren a cikin milisakan 50, daidai da firem 3. Babu dabarar da za ta share waɗannan firem ukun. Haske a cikin kebul na faiba yana cin kusan kilomita 200 ne a milisakan ɗaya, ga kuma tsaye-tsayen da saƙo ke yi a hanya. Abin da hanyoyin nan biyu suka bambanta a kai shi ne inda kowacce take ajiye wannan asarar.

Hanyar jinkiri tana ɗora ta a kan yatsun ɗan wasa. Ka danna naushi a firem na 100, na'urarka ba za ta aiwatar ba sai a na 103, domin a lokacin ne saƙon ya isa ga abokin karawarka, sai na'urorin biyu su aiwatar tare. Da a ce layi yana tsayawa cak a kan milisakan 50, da wannan ba wani babban tashin hankali ba ne, hannu yakan saba da jinkirin firem uku. Matsalar ita ce layi ba ya tsayawa. Fakiti ɗaya ya makara, ya ɗauki milisakan 90 maimakon 50, na'urar da ke jiransa ba ta da abin da za ta lissafa firem na gaba da shi, dole ta tsaya cik na firem biyu zuwa uku, ɗayar ma ta tsaya tana jiranta. Don gudun wannan daskarewar, gem da yawa sukan ƙara jinkirin da kansu idan layi ya lalace, su rage idan ya gyaru. To a nan ne ɗan wasa yake shan wuya: a zagayen farko jinkirin firem 3 ne, a na biyu ya koma 6, daga baya ya sauko 4. Kombon da mutum ya yi wata yana haddacewa, wanda tazarar dannawarsa firem biyu ce kacal, ya daina fita, kuma ba laifin hannunsa ba ne.

Rolbak ba ya jira. Abin da ka danna yana fita nan take, ko bayan ɗan jinkirin da ka tsayar. Abin da abokin karawa ya danna wanda bai iso ba tukuna kuma, na'urarka takan yi zato ne: tana ɗauka cewa abin da yake riƙe da shi a saƙonsa na ƙarshe shi yake riƙe da shi har yanzu. Zato ne mai sauƙi ƙwarai, amma yana dacewa sosai, saboda yatsa ba ya gudun firem 60 a daƙiƙa. Mutumin da ya ja baya yana karewa na rabin daƙiƙa ya yi firem 30 ke nan da danni iri ɗaya. Ko wanda yake sauya danni sau shida a daƙiƙa, firem 54 cikin 60 ɗinsa maimaicin wanda ya gabata ne. Idan saƙon gaskiya ya iso kuma ya dace da zato, babu abin da za a yi. Idan ya saɓa, sai na'urar ta koma firem ɗin da kuskuren ya fara, ta sake lissafo wasan daga can zuwa yanzu da danni na gaskiya, duk a cikin firem ɗaya, sannan ta zana sakamakon. Kamar mai rubutu da fensir ne, abin gogewa na ɗaya hannun.

Bari mu bi shi firem bayan firem. Na'ura A da na'ura B, `ping` 100, jinkirin da aka tsayar firem 1. Mai B ya danna ƙaramin naushi a firem na 200, wanda zai fara aiki a 201. Naushin nan yana taɓa jiki ne a firem ɗinsa na huɗu, wato 204. Saƙon yana isa A lokacin da take shirin lissafa 203. Ta riga ta lissafa 201 da 202 a kan zaton cewa mai B yana tsaye ne kawai. Sai ta ɗauko halin da wasan yake ciki a farkon 201, ta sake lissafa 201 da 202 da naushin a ciki, ta lissafa 203, ta zana. Mai A bai ga firem biyun farko na naushin ba, ya gan shi ne daga na uku, sannan ya ga saukarsa a 204. Firem biyu milisakan 33 ne, kuma a farkon motsi ne, lokacin da kafaɗa ta fara juyawa. Ido ba ya kama wannan.

Yanzu ka ninka `ping` ya zama 200, ka bar jinkirin a 1. Saƙo yana ɗaukar firem 6, don haka sai A ta kai 206 kafin ta ji labarin naushin. A ce shi ma mai A ya fara nasa dukan a 201, mai sauka a firem na biyar, wato 205. A allonsa ya ga dukansa ya sauka, ya ji ƙararsa, ya ga tartsatsi, har ya fara danna na biyu a kombo. Saƙo ya iso, aka koma 201 aka sake lissafi, sai ga shi naushin B ne ya riga sauka a 204 ya katse nasa. Cikin ƙiftawar ido ya tashi daga mai duka ya koma wanda ake duka. Wannan shi ne munin rolbak, kuma daga nan ne za ka ciro ƙa'idar tsayar da jinkiri:

```
tafiya = ceil((ping / 2) / 16.67)
rolbak = tafiya - jinkiri
```

Ka yi ƙoƙari `rolbak` ya kasance ƙasa da yawan firem ɗin da duka mafi sauri a gem ɗinka yake ɗauka kafin ya sauka. Idan mafi saurin naka firem 4 ne, to a `ping` 200 jinkirin firem 3 ya fi dacewa, sai a riƙa komawa baya firem 3 kawai. Ka tsayar da adadin kafin a fara karawa, ko ka bar 'yan wasa su zaɓa, amma kada ka taɓa shi a tsakiyar faɗa. Rashin canzawar nan ita ce rabin amfanin tsarin.

Akwai wata gaskiya da masu yabon rolbak ba su cika faɗa ba. Wajen ganin duka a kare shi, asarar ɗaya ce a takarda. A `ping` 100, mai jinkiri zalla ya rasa firem 3 saboda hannunsa ya makara. Mai rolbak ya rasa 1 a hannu, 2 kuma a farkon motsin da aka yanke masa, jimilla 3. Ribar tana wani wajen ne: firem ɗin da aka yanke su ne waɗanda ido bai cika ƙaruwa da su ba, hannunka yana amsawa iri ɗaya kullum, kuma fakitin da ya makara ba ya tsayar da wasa, sai dai a ɗan ƙara komawa baya sau ɗaya a wuce.

To me zai ci maka? Abu na farko, wanda hanyoyin biyu duk suke buƙata, shi ne na'urori biyu da aka ba danni iri ɗaya su fitar da sakamako iri ɗaya, ba bambancin ko da bit ɗaya. Danni kawai ake aikawa, ba matsayin 'yan dambe ba, don haka idan lissafi ya saɓa sau ɗaya, kowa ya kama gabansa ke nan: a allon A an doke mutum, a allon B ya kauce. Wanda ya ce maka jinkiri ya fi sauƙi bai kuɓutar da kai daga wannan ba. Ka rubuta matsayi da gudu da `int`, misali kowane fiksel ya zama kashi 1000, domin lissafin `float` yana iya bambanta tsakanin furosesa da furosesa ko tsakanin kwamfaila da kwamfaila, musamman irin su `sin` da `cos`. Kada lissafin wasa ya taɓa duba agogon na'ura, ƙidayar firem ce agogonsa. Idan akwai abin da ake jefa wa ƙuri'a, to asalin lambar ya zama ɗaya a na'urorin biyu. Injin motsi da karo da ke zuwa tare da manyan injinan gem kuwa, ka bar shi ga ƙura da tsumman riga, kada ka ba shi hukuncin duka.

Abin da rolbak ya ƙara a kan wannan shi ne adanawa da dawowa. Dole duk abin da ya shafi hukuncin wasa ya kasance a wuri ɗaya da za a kwafe shi a kowane firem: matsayi, gudu, jini, firem ɗin da kowane motsi ya kai, ɗan tsayawar da ake yi idan duka ya sauka, makaman da aka harba, tarihin danni na gane motsi na musamman, da lambar ƙuri'a. Mafi sauƙi shi ne ka tattara su cikin `struct` guda marar nuni zuwa wani waje a memori, yadda `memcpy` ɗaya zai isa. Ga mutum biyu da 'yan makamai kaɗan, wannan ɗan abu ne. Zuciyar aikin ba ta wuce wannan ba:

```
if (zato[f] != gaskiya[f]) {
    load_state(f);
    for (i = f; i < yanzu; i++) {
        advance_frame(i);
        save_state(i + 1);
    }
}
```

Sharaɗin shi ne `advance_frame` ya iya gudu ba tare da ya zana komai ko ya kunna sauti ba, kuma ya yi sauri. GGPO, tarin kod na rolbak da ake sakawa a gem, wanda Tony Cannon ya fara fitarwa a 2006 kuma aka saki kod ɗinsa ga kowa a ƙarƙashin lasisin MIT a 2019, yana barin a yi zato har firem 8 kafin ya tsayar da wasa. Ka yi lissafi da wannan: idan zane yana cin milisakan 8 cikin 16.67, saura kusan 8 ke nan ga lissafi sau takwas, wato milisakan ɗaya-ɗaya har da adanawa. Idan ka wuce, firem ɗin zai makara, makararsa ta jawo buƙatar ƙarin komawa baya, wannan kuma ya ƙara makara, haka har wasan ya durƙushe. Gem mai zane na gefe biyu da akwatunan duka kaɗan ba zai ji wannan nauyin ba. Manyan gem ne suke jin jiki. Kamfanin NetherRealm ya fitar da Mortal Kombat X a 2015 da netkod na jinkiri, ya sauya zuwa rolbak a 2016, kuma a jawabin da injiniyansa Michael Stallone ya yi a GDC, taron masu haɗa gem, a 2018 ya nuna cewa sauyin ya ci aikin da ya kai shekara bakwai zuwa takwas na injiniya ɗaya. Sun tsaya ne a kan jinkirin firem 3 da komawa baya har firem 7, jimilla 10, wanda ke ɗaukar `ping` har 333. Yawancin wannan aikin na raba lissafi da zane ne da rage nauyinsa a gem ɗin da ba a gina shi don haka ba. Kai da ba ka gama ginin ba, ba sai ka biya wannan bashin ba.

Sauti da tartsatsi suna da nasu ciwon kan. Idan aka sake lissafa firem ɗin da duka ya sauka, kada ƙarar ta sake tashi. Ka ba kowane sauti shaida ta lambar firem da wanda ya jawo shi. Bayan an koma baya, wanda yake nan har yanzu a bar shi ya ci gaba, wanda ya ɓace a kashe shi a hankali. Hukuncin ƙarshen zagaye kuma kada ka yanke shi a kan zato. Ka jira sai dannin ɓangarorin biyu na firem ɗin da jini ya ƙare ya tabbata, in ba haka ba za ka rubuta wa mutum nasara a allo sannan ka janye.

Inda na fi ganin ana faɗuwa bayan an gama duk wannan shi ne daidaita tafiyar na'urorin biyu. Mu koma misalinmu na `ping` 100 da jinkirin firem 1, inda kowa yake komawa baya firem 2. A ce A ta ɗan yi gaba da firem 2, ko don ta riga fara zagayen, ko don B ta yi tuntuɓe wajen loda wani abu. Yanzu dannin B na firem 201 yana isa A ne a 205, komawa baya firem 4 ke nan. Dannin A na 201 kuwa yana isa B daidai lokacin da take shirin lissafa 201, babu komawa ko ɗaya. Mai B yana wasa lafiya lau, mai A yana ganin abokin karawarsa yana ɓacewa yana ɓullowa. Wanda ya yi gaba shi ne yake shan wahala, kuma idan babu abin da ya gyara tazarar, haka za a ƙare karawar. Wannan ce cutar da aka daɗe ana kuka da ita a Street Fighter V tun fitowarsa a 2016, har wani mai gyaran gem da ake kira Altimor ya saki nasa maganin a Janairun 2020. Alamarta a fili take: mutum ɗaya yana ƙorafi, ɗayan yana cewa shi bai ga komai ba. Maganin shi ne kowace na'ura ta riƙa faɗa wa ɗayar yawan firem ɗin da take zato a kansu, a ɗebe ƙarami daga babba a raba biyu. A nan 4 a ɗebe 0, a raba biyu, 2 ke nan, sai A ta dakata firem biyu. Ka yi amfani da matsakaicin firem da dama, ba awon lokaci ɗaya ba, kuma ka rarraba dakatawar, firem ɗaya yanzu, ɗaya can gaba, don kada ɗan wasa ya ji tangarɗa.

Ɓangaren aika saƙo shi ne mafi sauƙi. UDP za ka yi amfani da shi, ba TCP ba, domin TCP yakan riƙe duk abin da ya biyo baya har sai fakitin da ya ɓata ya sake isowa. Dannin firem ɗaya bai wuce bayit biyu ba, don haka kowane fakiti ya ɗauki duk dannin da ɗaya ɓangaren bai tabbatar da samunsa ba. Idan ɗaya ya ɓata, na bayansa ya cike gurbin. Firem 8 milisakan 133 ne, kuma layin da ya yi shiru fiye da haka, kamar yadda wayifai mai cunkoso yakan yi, zai daskarar da rolbak ma. Ka nuna wa 'yan wasa `ping` da irin haɗin abokin karawa kafin su amince da karawa.

Yaushe jinkiri zalla yake da hujja? Idan 'yan wasan suna kan layi ɗaya na cikin gida, ko gem ɗin ya riga ya kammala kuma halin wasan ya warwatsu cikin injin yadda tattara shi daidai yake da sake rubutawa. A wajen waɗannan, ban ga dalili ba. Tsarin rolbak da aka hana shi zato ai jinkiri ne, don haka wanda ya gina rolbak ya samu duka biyun, amma wanda ya gina jinkiri ba shi da hanyar tsallakawa cikin sauƙi.

Kafin ka rubuta layi ɗaya na intanet, ka yi gwajin da GGPO yake yi da `ggpo_start_synctest`, ko ka rubuta irinsa da kanka. A na'ura ɗaya, a kowane firem, a lissafa, a koma baya firem ɗaya, a sake lissafawa da danni iri ɗaya, a kwatanta lambar tantancewa, wato lambar da ake cirowa daga duk abin da ke cikin `struct`, a karo na farko da na biyu. Duk inda suka saɓa, akwai abin da bai shiga `struct` ba. Wanda aka fi samu shi ne ƙidayar tsayawar duka da aka ajiye a ɓangaren zanen motsi: karon farko ta sauka daga 8 zuwa 7, aka koma baya ba ta koma ba, karo na biyu ta sauka zuwa 6, ɗan damben ya farfaɗo firem ɗaya kafin lokacinsa. A intanet wannan zai bayyana ne bayan minti biyu a matsayin saɓanin da ba ka san mafarinsa ba, a nan kuwa gwajin zai tsaya a kan firem ɗin ya nuna maka. Ka rubuta halin biyun a fayil a matsayin rubutu, ka sa `diff` a kansu, layin da ya bambanta shi ne ɓarawon. Idan ya wuce da firem ɗaya, ka ɗaga zuwa 7, wanda zai nuna maka har da ko furosesa tana iya ɗaukar nauyin.

Wannan gwajin ba ya kama bambancin na'ura da na'ura, tunda a guda ɗaya yake gudu. Don wancan, ka naɗi dannin karawa guda cikakkiya, ka kunna shi a na'urori biyu mabambanta, ka kwatanta lambar tantancewar kowane firem. Sai duka biyun sun wuce za ka haɗa layi, kuma ko a lokacin ka fara da jinkirin da ka ƙirƙira da kanka a cikin kod: milisakan 50, sannan 100, sannan ka riƙa jefar da fakiti ɗaya cikin ashirin da gangan. Ka bar musayar lambar tantancewa tana aiki har a gem ɗin da za ka saki, a kan firem ɗin da suka tabbata kawai, domin ranar da saɓani ya faru a hannun 'yan wasa ka samu lambar firem ɗin da ya fara.